Maki nawa nake bukata a jarrabawar da zan sake, tunda 40 za a rubuta mini?

Jama'a, lissafin nan ya daure mini kai. Na fadi wani kwas da ake cinsa da maki 40. An ce in na sake jarrabawar, ko nawa na samu 40 kawai za a rubuta mini a sakamako.

Ayyukan aji kashi 30 cikin dari suke dauka, jarrabawa kashi 70. A ayyukan na samu 60 cikin dari, wato maki 18 ke nan a hannuna. Saura 22. Da na raba 22 da 0.7 sai ya ba ni 31.4, to in na ci 32 na haye.

Amma wani abokina ya ce ayyukan ma za a dawo da su 40 kafin a hada, su koma maki 12. In haka ne saura 28, wato sai na ci 40 cif a jarrabawar. Na duba littafin dokoki, cewa kawai ya yi "makin karshe ba zai wuce 40 ba", bai fadi lokacin da ake yankewar ba. Na tura wa malamin sako, shiru.

Don Allah, a irin wannan doka, bayan an hada makin ake yankewa, ko kowane bangare ake yanke wa nasa tukuna?