Zan tura wa Malam imel, ya zan ce?

Rabi: Salama alaikum 'yan zaure. Taimako nake nema. Zan cike fom ɗin digiri na biyu, ana son sunan malamai biyu da za su ba da shaida a kaina. Ɗaya na samu. Na biyun malamin da ya duba kundina ne a 2019, yanzu shi ne shugaban sashe, ganinsa ma sai an sha wuya. Abin da zai yi kaɗan ne, jami'ar za ta turo masa linki ya cike tambayoyi. Ranar 30 ga wata ake rufewa, yau 9. Na rubuta na goge ya kai sau biyar. Kunya nake ji, kuma ba na so in takura shi in ba shi da hali.

Abban Sadiq: Wa alaikumus salam. Ki je gidansa da turare kawai, ki bar wahalar da kanki 😂

Rabi: Ina Kaduna yana wani garin, Abban Sadiq.

Hajiya Turai: Turo mana abin da kika rubuta mu gani.

Rabi: Taken na sa "Gaisuwa da neman alfarma". Sai sallama, na tambayi iyali da aiki, na yi masa murnar muƙami, na ba shi labarin bautar ƙasa da aurena da inda nake koyarwa. A ƙarshe na ce akwai wata 'yar alfarma da nake nema in Malam ya samu lokaci.

Nura Injiniya: Ƙanwata tsaya, kada ki tura wannan. Irinsa na tura shekara uku da suka wuce, har yau in na tuna sai raina ya sosu. Wani tsohon shugabana a wurin aiki na nema ya sa hannu a takardar shaida. Na zauna na tsara wasiƙa mai sakin layi shida, take "Gaisuwa". Addu'a kaɗai ta ci layi takwas. Buƙatar tana can ƙasa, na naɗe ta cikin kunya har ni kaina sai na sake karantawa nake ganinta. Bayan kwana biyu amsa ta zo: "Amin, na gode Nura. A gaida gida." Shi ke nan. Bawan Allah bai ma kai wurin ba, ya ga gaisuwa ya amsa gaisuwa.

Kunya ta hana ni cewa ranka ya daɗe ba a ga ƙasan ba. Na yi mako guda ina juyi, sannan na sake turawa, wannan karon na faɗi buƙatar amma ban faɗi ranar rufewa ba, wai kada ya ga kamar ina ba shi umarni. Ya ce "In sha Allah zan duba." Na riƙe wannan kalma kamar an ba ni alkawari a rubuce, ban nemi kowa ba. Saura kwana biyu na kira, ashe ya tafi Umara. Damar ta wuce. Da ya dawo muka haɗu a wani ɗaurin aure, ya ce da na gaya masa ranar, da tun farko ya ce min ba zai samu dama ba. Laifina ne duka. Ban gaya masa me nake so ba, ban gaya masa yaushe ba, kuma ban bar masa hanyar cewa a'a ba.

Hajiya Turai: Ai "zan duba" a bakin manyanmu rabinta a'a ce. Ba sa iya kallon yaro su ce ba zan yi ba.

Bala Mai Shago: Ni dai shawarata kada ta nemi kuɗi ta imel. Manya ba sa son haka.

Rabi: Ba kuɗi ba ne Malam Bala, shaida ce.

Bala Mai Shago: Au, afuwan, ban karanta sama ba.

Abban Sadiq: Ka ga hujjar Nura a fili, a nan ma ba a karanta dogon saƙo 😂

Dakta Amina: Ni ma koyarwa nake, irin wannan saƙon kusan kullum sai ya shigo min, bari in faɗa miki yadda yake a ɓangarenmu. A waya muke buɗe imel, tsakanin aji da taro. Abin da ido ke gani sunanki ne, da 'yan kalmomin farko na take, da guntun layin farko. Take irin "Gaisuwa" ko "Neman alfarma" sai mutum ya ce zan buɗe anjima, don bai san girman alfarmar ba, kuma abin da ba a faɗi girmansa ba zuciya babba take ɗaukarsa. Anjiman kuwa ba ta zuwa. Ki sa buƙatar da ranar a taken, sallama layi ɗaya, ki tuna masa ko ke wace ce, don ɗalibai nawa suka wuce ta hannunsa tun 2019. Ga yadda zan so a turo min:

Take: Neman shaidar Malam ga fom ɗin digiri na biyu, kafin 30 ga wata

Assalamu alaikum Malam, da fatan ana lafiya.

Rabi ce, wadda Malam ya duba kundinta kan waƙoƙin niƙa a 2019. Ina neman izinin sa sunan Malam cikin masu ba da shaida a fom ɗin digiri na biyu. Idan Malam ya amince, jami'ar za ta turo linki ta wannan adireshin, ana rufewa ranar 30 ga wata. Na haɗo taƙaitaccen tarihin karatuna da aikina, shafi ɗaya.

Na san ayyuka sun yi wa Malam yawa. Idan lokaci bai ba da dama ba, babu komai, akwai wani malamin da zan iya tuntuɓa. Zan jira zuwa 16 ga wata, idan ban ji ba zan ɗauka hidima ce ta yi yawa.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Sai cikakken sunanki da lambar waya a ƙasa. Taken kundin na ƙirƙira ne, ki sa na gaskiya. In da Turanci za ki rubuta ma tsarin bai canja ba.

Malam Ɗanjuma: Dakta, da girmamawa, wannan sakin layin na ƙarshe bai kwanta min ba. Yarinya ta yanka wa malaminta wa'adi? Har tana gaya masa akwai wani? In ni aka turo wa sai in ce to ki je wajen wanin mana.

Dakta Amina: Malam Ɗanjuma, wa'adin a kanta yake. Ba ta ce ya amsa kafin 16 ba, cewa ta yi ita za ta daina jira. Ribar da ya samu ita ce shirunsa ma ya zama amsa, ba sai ya zauna yana neman kalmar ba da haƙuri ba. Zancen wani malamin kuwa shi ke sauke masa nauyi. In ta ce "Malam ne kaɗai gatana", ta ɗaure shi, dole ya ce to ko ba zai iya ba, sai ya cike a gurguje ko ya manta. Shaidar da aka ba da don kunya layi biyu ce, masu tantancewa kuma suna gane ta.

Malam Ɗanjuma: Na ji, amma har yanzu lafazin ya yi min tsauri. Ko ta ce "zan ɗauka Malam ya yi min uzuri"?

Hajiya Turai: Wa zai yi wa wa uzuri a nan? Ita ce za ta yi masa ai.

Malam Ɗanjuma: Hajiya kin fiye gyaran Hausa.

Hajiya Turai: Kai ka fiye ɓata ta.

Sadiya: Ki rubuta GAGGAWA da manyan baƙaƙe a take, kuma ki sa mataimakinsa a Cc don ya tuna masa. Haka muke yi a ofis.

Nura Injiniya: Sa ranar a take ya isa, gaggawar Rabi ce ba ta Malam ba. Cc kuma a'a. Da zarar akwai ɗan kallo, ƙin yi ya zama abin kunya a gaban na ƙasa da shi, ƙofar da aka buɗe masa an sake rufe ta. A ofis aikin dole ne, wannan alfarma ce.

Sadiya: To amma sakatare fa? Wani in ba ta hannun sakatarensa ba, ba zai taɓa gani ba.

Dakta Amina: Nan kina da gaskiya. Sai dai a kira sakataren a tambaye shi wane adireshi Malam yake dubawa, na jami'a ko nasa na kansa. Wannan ya fi komai ma, don linkin can zai je. In aka sa adireshin da ya yi wata shida bai buɗe ba, an gama. Kuma wani lokacin saƙon jami'ar Spam yake faɗawa, in ya amince ki gaya masa ranar da kika sa sunan don ya leƙa can.

Rabi: Wata tambaya. In ce masa minti goma kawai zai ɗauka?

Dakta Amina: Kin ga fom ɗin da idonki? In ba ki gani ba kada ki ce. Wasu tambayoyi ne a zaɓa, wasu sai an ɗora wasiƙa mai tambarin sashe. Ki duba shafin jami'ar tukuna. In wasiƙa ce ki faɗa masa wasiƙa ce. An taɓa ce min minti biyar, na buɗe na tarar da aikin awa guda, ban ji daɗi ba ko kaɗan.

Abban Sadiq: Yanzu ƙarfe sha ɗaya na dare, kada ki tura yanzu ya ɗauka aljanu ne.

Nura Injiniya: In Gmail ne, kusa da Send akwai Schedule send, ki saita shi safiyar Talata. Ni dai na lura Litinin taro ke cinye ta, Juma'a kuma rabin yini ce. Takardar ki mayar da ita PDF ki sa mata sunanki, kada ta je a matsayin hoton da aka ɗauka a kan katifa.

Isuhu na Maraɗi: Mu nan sai ka fara kira ka gaida mutum, sannan takarda ta biyo. Saƙo haka kawai daga sama bayan shekaru, ana ganin kamar ba ka san mutum ba sai da buƙata.

Hajiya Turai: Wannan ma magana ce. Rabi, kina gaishe shi da Sallah kuwa?

Rabi: Sau biyu ta WhatsApp, ya amsa ɗaya.

Malam Ɗanjuma: To ki yi masa sallama ta can, ki ce kin tura imel. Layi ɗaya, kada ki maimaita buƙatar.

Dakta Amina: Wannan na yarda. Amma sau ɗaya. In 16 ta yi shiru, ki cika maganarki ki nemi ɗayan, kada ki koma kina "Malam ko an gani?", in ba haka ba ƙofar ta zama ta ƙarya.

Bala Mai Shago: Wai ni wa ya san inda ake gyaran firinta a Sabon Gari? Tawa tana cin takarda.

Abban Sadiq: Ka tura mata imel mai take ƙwarai 😂

Rabi: Na duba shafin, tambayoyi ne da wurin rubuta sakin layi ɗaya, na ƙara wannan a ciki. Na saita safiyar Talata. Layin 16 ga wata na bar shi, amma na sa "in sha Allah" a gabansa saboda Malam Ɗanjuma.

Malam Ɗanjuma: Har yanzu da ni ne da na cire shi.