Kifayena na tasowa saman ruwa da asuba tun da zafi ya shigo

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da zafi ya tsananta kifayena suke tasowa sama da asuba suna haki. Ruwan ya kai digiri 30, a baya 20 ne. Ban ƙara kifi ba, ban canza abinci ba. Cuta ce?

Wata mai kiwo: Wa alaikumus salam. Nawa ma sun yi haka, gishiri na zuba musu. Amma ni na kasa gane zancen da ake yi cewa ƙarancin iska a ruwa ne ke jawo haka, ai H2O kansa akwai oksijin a ciki.

Malamin kimiyya: Hajiya, wancan oksijin ɗaure yake da haidirojin, kifi ba ya iya shaƙarsa. Abin da yake shaƙa shi ne wanda ya narke cikin ruwa daga iska, kuma ɗan kaɗan ne. A digiri 20, lita ɗaya ta ruwa marar gishiri tana riƙe kusan miligiram 9.1 idan ta ƙoshi. A digiri 30 sai ta koma 7.6, domin zafi yana sa iskar da ta narke ta riƙa tserewa. Ga shi a wannan zafin jikin kifi na iya buƙatar kusan ninki biyu na oksijin.

Asubar da ka ambata ita ce ta fi jan hankalina. Idan ruwanka kore ne, gansakuka tana samar da oksijin da rana, da dare kuma ita da ƙwayoyin da ke ruɓar da ragowar abinci duk shaƙa suke yi. Kafin gari ya waye an kusa cinye shi. Ka auna kafin fitowar rana. Ƙasa da miligiram 3 akwai haɗari, a nemi 5 zuwa sama. Gishiri kuwa rage narkewar oksijin yake yi.

Wani ɗan uwa: Matsi ne maganin. Dubi kwalbar lemo, matsi ne ya riƙe gas ɗin. A sayi famfo mai ƙarfi kawai.

Malamin kimiyya: Ka yi gaskiya kan matsi, dokar da William Henry ya bayyana ke nan a 1803: gwargwadon matsin iska a saman ruwa, gwargwadon abin da zai narke. Shi ya sa a tudu mai tsayin mita 1,500 wancan 7.6 ke sauka zuwa wajen 6.3. Amma kududdufi a buɗe yake, famfo ba zai ɗaga wannan iyakar ba. Aikinsa motsa ruwa ne don ya cika gurbin da sauri. A kunna shi daga tsakar dare, a yi inuwa, a rage abincin yamma.

Wata mai kiwo: Ni dai sauya ruwa na fi yarda da shi.

Wani ɗan uwa: Idan na rijiyar burtsatse ne, sanyinsa kada ya ruɗe ki, yawanci oksijin ɗinsa kaɗan ne. Sai an watsa shi ta sama ya sha iska.

Mai tambaya: Na gode, Malam. Ruwan kore ne shar. In rage gansakukar, ko in bar ta tunda tana taimakawa da rana?