Lissafin risit yana ƙwacewa, na cika kod da print har na rasa gane kansa

'Yar Barnawa: Assalamu alaikum. Na rubuta wa wani mai shagon sari a Kasuwar Bacci ƙaramar manhaja da Python, tana fitar da risit. Yawancin risit daidai suke, amma jefi-jefi sai jimla ta gaza abin da kalkuletarsa ta ba shi, kuma babu wani saƙon kuskure. Na zuba `print` ko'ina, yanzu lambobi ne kawai ke gudu a allo. Ranar Juma'a zan miƙa aiki. In zauna in koyi dibaga, wato abin da ake tsayar da manhaja da shi a bi ta layi-layi, ko in biya wani ya duba min? VS Code nake amfani da shi.

Na Rigasa: Wa alaikumus salam. Sake sauke Python ɗin, wataƙila ya lalace. Ni haka na yi ya daina fitar min da jan rubutu.

'Yar Barnawa: Malam, ba ya fitar da jan rubutu. Yana gudu lafiya, amsar ce ba daidai ba.

Malamin Kawo: 'Yar'uwa, kada ki taɓa Python, ba laifinsa ba ne. Samo risit guda ɗaya da kika tabbatar ya fito ba daidai ba, ki lissafa shi da biro, kaya bayan kaya, don ki san abin da ya kamata ki gani a kowane mataki. Sai ki je layin da ake ƙara kuɗi cikin jimla ki danna F9, jan ɗigo zai fito a gefe. Ki tayar da manhajar da F5 maimakon yadda kika saba, za ta tsaya cak a wurin. A hagu akwai akwatin WATCH, ki zuba masa duk sunan da ke cikin wannan layin, har wanda ba kya zargi. Duk F5 da kika sake dannawa zai kai ki kaya na gaba. Inda allo ya fara saɓa wa takardarki, nan matsalar take. Ki lura, tana tsayawa ne kafin ta aiwatar da layin mai ɗigon, don haka jimlar da za ki gani ta baya ce sai kin danna F10.

Ɗan Tudun Wada: Ni dai kada a ce ban faɗa ba. Dibaga ce ta ja min asarar kuɗin aiki. Na yi wa wata makaranta manhajar sakamakon jarabawa, na saka `breakpoint()` a cikin kod ina bin wani kuskure, na gyara, na kai musu. Ashe layin yana nan a wani reshe da ba a cika shiga ba. Ranar raba sakamako manhaja ta tsaya, baƙin allo ya rubuta `(Pdb)` yana jira, iyaye sun cika harabar. Mai makarantar ya kira ni ya ce na sa musu tarko ne don su dawo su biya ni. Na je a Keke Napep daga Tudun Wada, minti biyu na cire layin, amma cikon kuɗina har yau ana cewa in dawo ƙarshen wata.

Na Rigasa: Kai, Allah Ya kiyaye gaba. Nawa ne cikon?

Ɗan Tudun Wada: Dubu arba'in. Har katin waya na ƙona wajen bibiya.

Malamin Kawo: Allah Ya mayar da alheri, amma abin da ya cije ka layi ne da ka rubuta cikin fayil. Jan ɗigon VS Code ba ya shiga fayil, edita ke riƙe da shi, ko ka manta da shi ba zai bi ka gidan kwastoma ba. `print` ɗin ma ai ana mantawa da shi.

Baban Unguwar Rimi: Shekaru nake wannan aiki da `print` kuma ina ci da iyalina. Yaran yanzu sai an ba su maɓalli mai launi. Hajiya, in kina sauri akwai masu dubawa, dubu biyar sun gama miki.

Ɗan Tudun Wada: Dubu biyar a ina, Baba? Ni dubu ashirin aka ce min kafin ma a buɗe laftof.

Na Rigasa: Ni kwanon gurasa da tsire ya ishe ni, sai dai ban yi alkawarin zai gyaru ba.

'Yar Barnawa: Malamin Kawo, Allah Ya saka. Na gani da idona. Risit ɗin taliya katan 12 ne a kan 10,000, sai sabulu katan 3 a kan 8,000. Ƙa'idar shagon, wanda ya ɗauki katan goma ko fiye na kaya ɗaya ana rage masa kashi biyar cikin ɗari a kan wannan kayan kaɗai. Taliya 114,000, sabulu 24,000, jimla 138,000. Manhaja tana ba da 136,800. Ga wurin:

```python
ragi = 0
for kaya in risit:
    if kaya.yawa >= 10:
        ragi = 0.05
    jimla += kaya.yawa * kaya.farashi * (1 - ragi)
```

Tsayawar farko `ragi` ya nuna 0.05, daidai ne. Na danna F5 aka zo kan sabulu, `kaya.yawa` 3, amma `ragi` yana nan 0.05 bai koma sifili ba. Shi ya sa sai an fara shigar da babban kaya kafin ƙarami jimla ke gazawa, in ƙaramin ne a gaba komai lafiya. Na mayar da `ragi = 0` farkon cikin zagayen `for` ɗin, ya ba ni 138,000.

Baban Unguwar Rimi: To ai `print(ragi)` ɗaya da ya nuna miki wannan.

Malamin Kawo: Gaskiya ne, Baba, in da ta san `ragi` za ta zarga. `print` abin da ka riga ka yi tunaninsa kaɗai yake nuna maka, in ka canza zargi sai ka ƙara layi ka sake tayarwa daga farko. A tsaye kuwa akwatin VARIABLES yana baje maka komai, har abin da bai zo maka a rai ba. Inda nake tare da kai shi ne manhajar da ke gudu a kan saba, wato kwamfutar da ke yi wa mutane aiki daga nesa, ko kuskuren da sai an kwana ana aiki yake fitowa. Can ba ka da damar tsayar da ita, rubuta bayanai a fayil ya fi.

'Yar'uwa, saura abu ɗaya. Ki danna jan ɗigon da maɓallin dama, ki zaɓi Edit Breakpoint, ki ba shi sharaɗi:

```python
kaya.yawa < 10 and ragi > 0
```

Sai ki bi da tsofaffin risit duka ta ciki. Ba zai tsaya ba sai ƙaramin kaya ya samu ragi. In ya wuce shiru, wannan ƙofar ta rufe.

Na Rigasa: Ni na ɗauka WATCH da kansa yake tsayar da manhaja in lamba ta canza.

Malamin Kawo: A Python cikin VS Code ba ya yi, yana nuna maka ne kawai duk lokacin da aka tsaya. Masu rubuta yaren C da dibagar gdb ne ke da umarnin `watch` mai tsayarwa.

Baban Unguwar Rimi: Ka ji, sai ka haddace wannan duka. Ni ina nan kan bakana.

'Yar Barnawa: Yanzu damuwata daban ce. Alhajin ya yi sati biyu yana gwada manhajar da kwastomomi na gaske. Wannan risit kaɗai 1,200 ta tafi. In faɗa masa, ko in gyara in yi shiru?

Ɗan Tudun Wada: Karɓi kuɗinki tukuna. Kina faɗa zai ce a cire a cikon, ni na ga irinta.

Malamin Kawo: Shi ya fara lura da giɓin, ai ya riga ya sani. Ki fitar masa da jerin risit ɗin da abin ya shafa.

Baban Unguwar Rimi: Kun rubuta yarjejeniya kuwa, ko da baki aka yi? Don mutanen kasuwa in ba rabin kuɗi ka karɓa a gaba ba, sai ka yi ta sintiri.

'Yar Barnawa: Da baki ne, Baba. Abokin yayana ne.

Ɗan Tudun Wada: Nawa ma ta hannun ɗan'uwa aka haɗa mu.