Me za mu kira “kaba leta” da Hausa? Gobe da safe nake buƙata

Malamar Kimiyya: Assalamu alaikum. An ɗora mini bitar malamai gobe da ƙarfe tara, kuma da Hausa za a yi. Misalin da zan raba shi ne na malamin sakandare da ke neman kujerar jami'in gudanarwa na makaranta. Na fassara komai, sai kan takardar ya tsaya mini. Abin nan da ake cewa kaba leta, shafi ɗayan da ake ɗorawa a kan sibi mai ɗauke da tarihin karatun mutum da aikinsa, me sunansa? Na rubuta “wasiƙar neman aiki”, amma raina bai kwanta ba.

Mai Jan Biro: Wa alaikumus salam. To me ya hana shi kwanciya? Tun muna aji uku ake koya mana wasiƙar neman aiki. Adireshi biyu, gaisuwa, kanu, sa hannu. Ba a canza wa tuwo suna.

Tsohon Firinsifal: Malam, ka yi gaskiya rabi. Wasiƙar da aka koya mana ita kaɗai take tafiya, shi ya sa ake zuba komai a cikinta: shekarar haihuwa, makarantun da aka yi, takardun shaida. Wannan kuwa da sibi take tafe, sibin ya riga ya ɗauke wancan nauyin. Aikinta ta ɗauko abu biyu ko uku daga ciki ta nuna yadda suka dace da kujerar. Idan Malama ta ce “wasiƙar neman aiki”, wallahi rabin ɗakin sibinsu za su sake kwafewa a cikin jimloli. Na karanta irinsu har na gaji.

Ɗalibin Fassara: Wasiƙar rakiya. Tana raka sibi, magana ta ƙare.

Sarkin Ƙirƙira: A'a. Marufiya. Daga rufi, kamar yadda aka samu marufi da murfi. Kalma ɗaya tilo, ta zauna a baki. Shekara biyu ke nan ina tallarta, ba wanda ya kawo hujjar ƙin ta.

Ɗalibin Fassara: Ga hujja: ni dai na ji marufiya, matar da ke rufa asiri nake gani. Wasiƙar nan kuma buɗewa take yi.

Uwar Biyu: Ni ma bara na nemi irin wannan wajen shugabar makarantarmu, sai da na yi sati uku ina sintiri kafin ta sa hannu. Ku ce takardar shaida kawai.

Malamar Kimiyya: Yaya, waccan daban. Wani ne ke rubuta miki ita yana shaidar halinki. Wannan ke da kanki za ki rubuta.

Tsohon Firinsifal: Rakiya tana da daɗin ji, amma ku tuna me ake nufi da ɗan rakiya. Wanda ya zo cike gurbi, ba da shi ake yi ba. Malamin da ya ji sunan nan layi uku zai rubuta: ga takarduna nan haɗe, ina fata za a duba. Alhali a teburin tantancewa sau da yawa ita ake fara karantawa. Malama, kawo sakin layi na biyu na misalin naki mu gani, wataƙila aikin ya nuna mana sunan.

Malamar Kimiyya: Ga shi: “Na shekara 11 ina koyar da Kimiyya. Ni mutum ne mai haƙuri da riƙon amana. A lokacina an gyara jadawalin darussa, an kuma samu ci gaba a harkar jarrabawa.”

Tsohon Firinsifal: Yauwa, ga ciwon nan. Shekara 11 tana cikin sibi. Haƙuri da amana kowa ya rubuta, har wanda ba shi da su. Sannan “an gyara”. Wa ya gyara? Mai karantawa zai ɗauka kana wurin ne kawai lokacin da wani ya yi aikin. Kujerar gudanarwa ba ƙwarewar allo take nema ba, so ake a ga ka taɓa sa manya irinka sun bi tsari alhali ba ka da ikon hukunta kowa. A ce makarantar tana da aji 18 da ɗakin gwaji ɗaya. Ni haka zan so in gani: “Da aka ba ni jadawalin darussa, na tarar aji uku suna haɗuwa a ɗakin gwaji ranar Talata, malamai biyu kuma an sa kowannensu a aji biyu a lokaci guda. Na fara kafa darussan gwaji masu zama biyu a jere, sannan na malaman da ke zuwa kwana biyu a mako, kafin sauran. Na zauna da shugabannin sassa huɗu har suka amince, zangon ya ƙare ba a sake karo ba.” Kun ga matsala, ga abin da ya yi da hannunsa, ga mutanen da ya shawo kansu, ga sakamako. Sai jimla ɗaya ta ɗaure shi da abin da tallar aikin ta nema. Kuma kada ya sa lambar da ba zai iya karewa a gaban masu ganawa ba, don nan za su fara tono.

Mai Jan Biro: Na, na, na. Ranka ya daɗe, yabon kai jahilci. Wannan tarbiyyar wasu ce ake so a cusa mana, shi ya sa ma ba mu da kalmar.

Tsohon Firinsifal: Yabon kai shi ne “ni mai amana ne”, wanda kai ba ka ga laifinsa ba. “Na tsara jadawali” labari ne, ana iya kiran makarantar a tambaya. Inda aikin na kwamiti ne ya ce “mun”, sannan ya faɗi nasa kason.

Sarkin Ƙirƙira: Duk kun kauce. Matsalarmu raina harshe. Kullum sai mun jera kalma uku inda wasu ke da ɗaya, sannan mu ce Hausa ba ta da zurfi. Ita wasiƙar ma da kuke riƙe da ita aro ce daga Larabci.

Ɗalibin Fassara: Malam, na Turancin ma kalma biyu ne. Kuma in za mu mayar da aro, sai ka fara miƙa darasi da jarrabawa da jadawali.

Sarkin Ƙirƙira: Ku ’yan jami'a ba a iya muku.

Mai Faransanci: Mu da muka yi boko da Faransanci, sunan da muka sani ma'anarsa wasiƙar bayyana abin da ya zaburar da kai. Ba murfi, ba rakiya. Me zai hana wasiƙar bayyana dalili?

Malamar Kimiyya: Na so ta, amma a ofis in aka ce ka rubuto dalili, an tuhume ka ke nan. Wasiƙar gabatar da kai fa?

Ɗalibin Fassara: Ta yi tsawo, kuma za ta rikice da wadda ofis ke ba mutum ya kai wani ofis.

Tsohon Firinsifal: Waccan gabatarwa ce, wani ke gabatar da kai. Nan “kai” ɗin na mai rubutu ne. A rubuce dai kam suna iya kama da juna, na yarda. Duk da haka ta fi rakiya kusa da aikin.

Malamar Kimiyya: Dare ya yi. A kai zan sa “Wasiƙar gabatar da kai mai raka sibi”, a cikin bayani in riƙa cewa wasiƙar gabatar da kai. Sakin layin Baba Firinsifal kuma na ɗauka, da izininsa. Saura “jagoranci a wajen aji”, wanda wata ta karanta ta ce ko gadin yara a filin wasa ake nufi.

Mai Jan Biro: Ki ce jagorancin da ya wuce aji. Amma sibin nan da kuke ta faɗa, shi ba wanda zai nema masa suna?

Sarkin Ƙirƙira: Ina da kalma.

Ɗalibin Fassara: Mun shiga uku.