Wa ya taɓa sayen gem ɗin Early Access? Ku zo mu yi magana

Dogo_77: Salam 'yan uwa. Akwai wani gem na gina gari da nake ta kallo a Steam, kasuwar sayen gem ta intanet, an rubuta masa Early Access, bidiyonsa ya burge ni sosai amma hannuna ya ƙi danna saye. Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan don Allah ku faɗa min yadda ta kaya muku, in saya ko in jira?

Autan_Mama: Ai wannan ba shi ne wanda ake ƙara kuɗi a buga kwana uku kafin kowa ba? Ni na yi sau ɗaya, lafiya lau

Malam_Kibod: A'a Auta, naka wancan Advanced Access ne, gem ɗin an gama shi, shiga kawai ka riga mutane. Shi Early Access ba a gama ba, ana kan ginawa ake sayar maka a haka, kuma Steam da kansu sun rubuta a saman shafin cewa wataƙila ya canza nan gaba wataƙila kuma ba zai canza ba. Tun 2013 suka fara tsarin. Wasu na cika alkawari, Hades ya shiga a Disamba 2018 ya fito cikakke a Satumba 2020. Amma Kerbal Space Program 2 ya shiga a Fabrairu 2023 da doguwar taswirar abubuwan da za a ƙara har da buga wasa tare da abokai, a 2024 aka rufe situdiyon da ke yinsa, kuma fa babban kamfani ne a bayansa, don haka girman suna ba ya kare ka.

Hajjo_Gem: Ni abin ya ci ni wallahi. Na sayi wani na noma da kiwo, ba zan faɗi sunansa ba, farko duk wata sai an turo ofdet, sai ya koma gyaran ƙananan kurakurai kawai, sai ya koma rubutu dogo na "muna nan muna aiki" babu abin saukewa, daga nan shiru. Kuma ofdet ɗin ƙarshe da suka yi ya lalata min sef, gonar da na daɗe ina ginawa ta ƙi buɗewa, har yau abin na min ciwo

Sarkin_Fada: Yi haƙuri Hajjo. Amma ai in masu gem suka gudu Steam na mayar da kuɗi, lokacin gem ɗin The Day Before an mayar wa kowa

Malam_Kibod: An mayar a wancan, gaskiya ne, amma shi kwana 4 da fitowarsa a Disamba 2023 situdiyon ya sanar da rufewa, hayaniyar ta yi yawa. Ka'idar yau da kullum ita ce kada wasanka ya kai awa 2, kuma awannin da ka buga a Early Access ana lissafa su. Wanda ya yi wata da watanni kamar Hajjo ba shi da wannan damar.

Dogo, ga yadda nake yi. Kar ka fara da bidiyo. Buɗe Update History a shafin gem ɗin ka koma baya shekara guda, ka ware ofdet da ya ƙara abu na gaske da wanda surutu ne kawai. Sai ka ɗauko taswirar da suka fitar bara ka gwada da abin da ke ciki yau, in sun ce abu biyar sun kawo uku ko da a makare, mutane ne masu aiki, in kuwa sun goge tsohuwar taswira sun kawo sabuwa mai ƙarin alkawura to ka ja baya. Sannan ka duba Recent Reviews daban da All Reviews, in na kwanan nan ya faɗi ƙasa sosai akwai abin da ya faru, karanta na waɗanda suka yi awanni da yawa. Yanzu ma Steam na saka gargaɗi in an wuce shekara ba ofdet.

Dogo_77: Na duba yanzu Malam. Ofdet babba na ƙarshe wata 5 da suka wuce, ƙanana biyu bayansa, Recent Reviews ɗin Mixed ne, mutane na kukan gem ɗin na yin nauyi in gari ya girma

Malam_Kibod: To ka ga matsalar, nauyin nan ba za ka gan shi a awa 2 na farko ba tunda garinka ƙarami ne, sai lokacin mayar da kuɗi ya wuce zai bayyana. Ni da ni ne Wishlist zan sa shi in jira ofdet babba na gaba in ga ko sun taɓa wannan.

Sarkin_Fada: Jiran ma fa da tsadarsa. 7 Days to Die ya haura shekara 10 a ciki, da ya fito a 2024 sun ƙara kuɗinsa sosai, mu da muka saya da wuri mun more

Hajjo_Gem: Irin naku da ake ta maimaita wasa ne Yaya Sarki, ko ba a gama ba akwai daɗi. Mai labari ni ba na taɓawa, ƙanina ya buga Baldur's Gate 3 tun 2020, kashin farko kawai aka ba su, da ya fito a Agusta 2023 tsohon sef bai yi aiki ba sai da ya faro daga farko, ya ce farkon duk ya gundure shi

Dogo_77: Na sa a Wishlist. Sarki in ka ga sun sanar da ƙarin kuɗi kafin ofdet ɗin ka taɓo ni, a nan ne ban san me zan yi ba