Ɗan kunnen da na ɗora a hoto ya ƙi zama

Sabon Shiga: Salam 'yan uwa. Na ɗora wa wata ɗan kunne mai lilo a Photoshop, na sa Drop Shadow, amma sai ka ce sitika aka manna. Ina matsalar?

Mai Studiyo: Rage Opacity na inuwar zuwa 30, shi ke nan.

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Ragewa kaɗai ba za ta yi ba. Fara da girma tukuna. Baƙin idon babban mutum faɗinsa kusan milimita 12 ne, shi ne ma'auninka. A ce ka auna ka samu fiksel 60, ka ga kowace milimita fiksel 5 ke nan. Ɗan kunne mai tsawon milimita 30 zai zama fiksel 150. Ka ɗan rage kaɗan, tunda kunne yana bayan ido. Sannan duba ko ta karkata kai. Ko ta karkata, ɗan kunne mai lilo ƙasa yake kallo, nauyinsa ne ke jan sa. Da yawa suna juya shi ya bi fuska, nan asiri ke tonuwa.

Uwar Biyu: Ni an taɓa yi min wannan ɓarnar. Wani ya ƙara min sarƙa a hoto, ta kwanta a kan gashina maimakon ta shige ƙarƙashinsa, ga baƙar inuwa zagaye da ita ta kowane gefe. Fuskata a ɗan dushe, sarƙa kuwa tar-tar tana ƙyalli. Duk wanda ya gani sarƙar yake fara tambaya, kuma ba don ta yi kyau ba. Da na yi magana ya ce wayata ce.

Ɗan Zolaya: Hajiya, ko dai sarƙar ta fi kyamarar tsada ne 😂

Tsohon Hannu: Hajiya, mai aikin naki Mask ya manta, wanda zai ɓoye sarƙar a ƙarƙashin gashi, da ɗan Blur da Noise don ta yi daidai da hoton. Batun inuwa kuma, Sabon Shiga, duba ɗigon hasken cikin idon mai ɗan kunnen. In yana sama ta hagu, inuwa ƙasa ta dama za ta faɗi. Buɗe sabuwar leya, mai da ita Multiply, ɗebo kala daga inuwar ƙarƙashin haɓarta, kada ka sa baƙi. Wurin huda a yi siririya mai duhu. Wadda ta sauka a wuya kuwa ta yi nesa, ta baje, ta dushe.

Mai Studiyo: Malam, wa ke da lokacin nan in aiki ya taru? Drop Shadow ɗin ma ana raba shi da Create Layer a lanƙwasa shi.

Tsohon Hannu: Hakan ma ya yi, in dai ka canza kalar.

Mai Agogo: To ni na gwada awon idon da agogo mai milimita 40, ya fito ɗan mitsitsi.

Tsohon Hannu: Hannun ya fi fuskar kusa da kyamara ne. Auna da tsintsiyar hannun, kada fuskar agogon ta wuce faɗinta.

Sabon Shiga: Na gode. To in gashi ya rufe rabin kunnen fa?

Ɗan Zolaya: Sai ka ce ta dawo a sake ɗauka.