Abin da aka tattauna kan gane iri mai rai ta hoton faranti

Ga abin da na tsinta daga doguwar muhawarar da aka yi kan ko hoton farantin da aka shuka iri a ciki zai iya nuna irin yana da rai ko ya mutu:

1. Kusan kowa ya yarda cewa tsagewar ɓawo ba shaidar rai ba ce. Mataccen iri ma yakan sha ruwa ya kumbura har ɓawonsa ya fashe. Sai farin kan saiwa ya leƙo ake cewa ya tsira. Shi ya sa aka ce a sake ɗaukar hoton wuri guda bayan kwana 2: in tsagar tana nan yadda take, da wuya irin yana da rai.

2. Tsiro dogo siriri, fari-fat, mai karkata gefe guda, ƙarancin haske ne, irin ba shi da laifi. Wanda kuwa gindinsa ya tsuke ya yi baƙi dab da ƙasa, ruɓewa ce ta yawan danshi.

3. A kan fumfuna aka rabu. Wasu sun ce a zubar da farantin. Wasu sun ce a duba tukuna, don gashin saiwa yakan yi kama da ita a hoto, amma shi a jikin saiwa kaɗai yake, in an fesa ruwa sai ya kwanta. Fumfuna takan bi ɓawo ta bazu kan ƙasa. Ni na fi karkata ga masu cewa a duba tukuna.

4. Hoto ba ya nuna taushi ko wari, sai mai farantin ya latsa ƙwayar da kansa.